Tsarkin Kwamfutar Baba

Saura kwana biyu a ɗauki azumi ɗana Khalifa ya tono mini aiki. Shekararsa biyu da wata uku, amma in ya shiga ɗaki sai ka ce akuya ta samu rumbu a buɗe. Mun zo Maradun ne daga Bakura, inda nake koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare, don in shirya wa mahaifina na'urarsa kamar yadda na saba kowace shekara.

Mahaifin nawa, Malam Abdulrashid, shekara talatin da ɗaya yana tafsirin azumi. Tun muna ƙauyenmu na bayan Damaga yake yi, da rashin zaman lafiya ya koro mu Maradun kuma mutanen unguwa suka ba shi zama a masallacinsu. Littafinsa na tafsiri, wanda ya cika gefen kowane shafi da bayanan malamansa da nasa da siririn alƙalami, can aka bar shi ya ƙone tare da ɗakin. Allah ya taimaka, shekara guda kafin nan na ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, saboda ciwon suga ya fara cin idonsa. Yanzu takarda ba ta karantuwa gare shi ko da tabarau. Sai dai in buɗe masa hoton a kwamfuta, in ƙara girmansa har kowane harafi ya kai kan ɗan yatsa, ya kawo fuskarsa kusa ya karanta. Madannai biyu kawai ya sani, na gaba da na baya, su ma filasta na liƙa musu don ya ji da hannu. In babu kwamfutar nan babu tafsiri, kuma a masallacin nan wanda ya buɗe ranar farko shi ke rufewa.

Na bar ta a buɗe a kan tabarma na fita ɗauko caja. Ko minti biyar ban yi ba. Da na dawo, Khalifa ya kwance kunzugunsa, ya sa hannu a abin da ya yi, ya shafa wa gilashin, ya bi madannan yana dannawa yana dariya, irin yadda yake ganin ina yi. Hancin Baba ya riga idona.

"Baturiya, mi nika ji haka?"

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, bai ko kalli yaron ba. Hannu kawai ya miƙa ya lalubo butarsa.

"Kawo ta nan."

Na sure kwamfutar na ɗaga sama kamar mai ceton jariri daga gobara. "Baba, don Allah. In ruwan ga ya shiga, ta mutu."

"In ba ruwa, da mi aka kauda najasa? Maganar Allah ta hwa ciki."

A nan na san na shiga uku. Baba mutum ne da in ɗigon kwata ya taɓa bakin wandonsa sai ya koma gida ya sauya, ko liman ya tayar. Na kashe na'urar gaba ɗaya, na kwashe abin da zai kwasu da busasshiyar takarda, ina ɗagawa sama ba gogewa ba, don kada in tura shi cikin saƙo. Sauran ya riga ya shige tsakanin madannai. Na ce zan kai ta Mafara wurin mai gyara. Ya ce in tafi, amma da sharaɗi biyu: kada a taɓa ta da wannan ruwan asibiti mai warin giya, kuma wankin a gabansa za a yi.

Washegari na bar Khalifa wurin Inna na hau mota. Zafin da ake yi a watan nan, ko kujerar motar ba ta zaunuwa. Shagon Nazir yana bakin kasuwar Talata Mafara, shi ke gyara mana na'urorin makaranta. Na tarar da shi yana zaro wayar wani mutum daga cikin ledar shinkafa, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Malama, dubi nan. Da garin sabulu yaw wanke ta don ta yi maiƙo, da tam mutu yat tura ta cikin shinkahwa kwana ukku. Shinkahwa dai tuwo aka yi da ita."

Ya sallami mutumin, na buɗe masa tawa. Ya ja da baya, ya toshe hanci, ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya jawo kwalbar sipirit. Na riƙe hannunsa na gaya masa sharaɗin Baba.

"To ai shi na ba ya kwana cikin na'ura. Kina shahwawa shina tashi."

"Na sani. Shi kau cewa yay yi ba a wanke najasa da najasa."

"Malammai da yawa sun ce ba komi."

"Je ka hwaɗa mai."

Ya mayar da kwalbar. Na tambaye shi ko a sauya madannan gaba ɗaya. Ya ce irin nata babu a Mafara, sai an aiko daga Kano, mako guda in an yi sa'a. Ta aro fa? Biyu ke shagon, ɗaya ba gilashi, ɗaya batirinta ba ya minti goma, masallacin Baba kuwa wuta sai ta ga dama. Na makarantarmu manya ne na kan tebur, kuma an kulle ɗakin. Duk ƙofar da na taɓa a rufe.

Abin da ya iya yi mini, ya yi. Ya sa safar roba ya kunna ta, ya kwafe hotunan a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya sake kashewa. Ya ɗauki wani siririn ƙarfe ya ɓalle madannai bakwai da abin ya fi shafa, a hankali, yana nuna mini 'yan ƙafafun roba da ke ƙarƙashinsu, waɗanda in suka karye shi ke nan. Ya zuba madannan a leda.

"Waɗanga roba ta zalla, ki yi musu wanka da buta in kin so, amma su bushe ƙarau kahin ki maida. Ita kau uwar, ko ɗigo. Ƙarƙashin nan allon wuta na, kuma batir nata ciki shike, ko kin kashe ta akwai wuta kwance. Ki jiƙa tsumma, ki matse har in kin murɗa ba abin da ka ɗiga. Ki kihe ta, madannai su dubi ƙasa, in ma wani abu ya zubo shi zubo waje. Gilashi kuma kak ki danna, kak ki kai lema bakin gehe, nan ruwa ka shiga."

Duk na san wannan, shi nake koya wa ɗalibai kowane zango, su kuma su je su fesa wa wayoyinsu turare. Amma na tsaya na saurara, don na gaji da zama ni kaɗai mai faɗa. Ya haɗa mini da ƙyallen goge tabarau guda uku, da buroshi mai laushi, da audugar kunne. A ƙofa ya ce, "Allah shi ba ki haƙurin Malam." Na ce amin da gaske.

Na iso Maradun dab da magariba, a gajiye liƙis. A daren aka ga wata.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a inuwar zaure. Baba ya zauna a kan buzunsa da carbi, buta a gefensa. Na jera kwano biyu, ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na zuba wanda aka yi aiki da shi. Za a buɗe tafsiri bayan la'asar.

Na fara da madannan nan bakwai, don in samu kansa. Na riƙe kowanne a kan kwano, shi da kansa ya kwarara musu ruwa, na cuɗa, ya sake kwararawa. Ya karɓa yana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗanga sun tsarkaka."

Na shanya su a kan faranti a inuwa. Na ji daɗi har na fara ganin kamar abin zai zo da sauƙi.

Sai gilashi. Na jiƙa ƙyalle na matse, na ba shi ya taɓa. Ya ce wannan ai ko alwalar kyanwa ba ta yi ba. Na goge daga tsakiya, a hankali, ban kai gefe ba sai da busasshen ɓangaren. Na wanke ƙyallen, na sake. Sau biyar. Ya shinshina ƙyallen, ya shinshina gilashin.

"Abu mai santsi irin madubi da takobi, malammai sun yi magana kan shahwa shi. Akwai saɓani, amma an yi magana." Ya ɗan gyaɗa kai. "Bar gilashin. Je ki ga saƙon."

Saƙon shi ne bala'in. Na buɗe kwamfutar na kifa ta a kan gwiwoyina kamar rufin bukka, na sunkuya ina leƙe daga ƙasa. Na fara kaɗe abin da ya bushe da buroshi. Sannan audugar kunne: in tsoma, in matse a yatsa har ta kusa bushewa, in bi layi ɗaya, in yar, in ɗauki wata. Wuyana ya ƙage. Gumi yana gangarowa yana shiga idona, ina kauda kai don kada ya ɗiga inda nake tsoron ruwa ya ɗiga. Kowace auduga sai na miƙa wa Baba. Ta farko ya yamutsa fuska. Ta goma ya ce da saura. Ta ashirin ya daɗe yana shinshinawa.

"Ba wari. Launi hwa?"

"Fara tas, Baba."

"Ke kig gani?"

"Ni nig gani."

"To. Amma shahwa ba wanki ba ta. Ruwa bai gudana ba."

"In yag gudana, tafsirin na zai gudana tare da shi."

Ya ce in sake bi. Na sake bi.

Wajen azahar aka yi sallama. Malam Ishaq ne, tsohon ɗalibin Baba, wanda ke ja masa baƙi a wurin tafsiri. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya durƙusa suka gaisa, gaisuwar nan mai tsawo da sai an tambayi gida da gajiya da zafi da ibada, ni kuwa ina sunkuye da na'ura a cinya kamar mai tatsar nagge. Da suka ƙare ya ce dattawan masallaci ne suka ce a ji ko Malam na fitowa, don in da lalura a san abin yi.

"Ka dawo in an kira la'asar," in ji Baba.

Bayan sallar azahar na koma. Audugar ta ƙare, na koma naɗa ƙyalle a kan tsinke. Azumin farko ne, bakina ya bushe har harshena yana kamawa, Khalifa yana cikin gida yana tsala ihu yana kiran sunana. Na bi saƙon nan sau nawa, ban ƙirga ba. Na miƙa wa Baba ƙyallen ƙarshe. Ya shinshina ya ajiye, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi, ya bar ni zaune.

Minti goma. Minti ashirin. Inuwa ta fara juyawa. Madannan ba a mayar ba, na'urar tana bukatar ta sha iska kafin a kunna, ga shi Baba ko wanka bai yi ba. Na ce, "Baba?" Ya ɗaga mini hannu, wato in yi shiru.

Gaskiya a nan haƙurina ya ƙare. Na ji haushinsa, haushi sosai. Na ce a raina, mutumin nan zai zauna yana jan carbi har shekara talatin da ɗaya ta zube a kan abin da ko ƙuda ba zai samu ya lasa ba. Kwana biyu ina hanya, ina sunkuye, ina lallashi, kuma a ƙarshe abin da yake so shi ne ya ji ƙarar ruwa. To, ƙarar ruwa ai ba ta da wuya.

"Baba, na samu dabara," na ce. "In na karkata ta sosai, ruwan na bi ta sama shi wuce. Kawo butar."

Ya ɗago. "Kin ce tana mutuwa."

"In an karkata ba ta mutuwa."

Ya miƙo butar. Na tashi na yi taku huɗu zuwa bakin zaure, inda na san daga nan ba ya ganin komai sai inuwar mutum. Na juya masa baya. Na riƙe kwamfutar a hannun hagu, can nesa da jikina, na kwarara ruwan a ƙasa da hannun dama. Na yi bisimilla da ƙarfi don ya ji. Sau uku na kwarara. Na dawo na zauna ina goge ta da busasshen ƙyalle.

"An wanke, Baba."

Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take, ba fushi a ciki, wanda ya fi mini zafi.

"Baturiya, ido na yam mutu, ba kunne ba. Shekara sittin ina alwala. Ruwan da yaz zuba ga ƙasa da wanda yaz zuba bisa wani abu, ba kukansu ɗai ba."

Na ajiye ƙyallen, shi kuma ya ci gaba.

"Kin san abin da nika yi da nic ce ki yi shiru? Mas'alar nika bi. Na'urar ga ba tuhwa ta ba, ba sallah nika yi da ita ba. An kauda abin, ba wari, ba launi, kuma wanki na kashe ta. Na kawo ƙarshe. Saura in ɗaga kai in ce maki ya isa."

"To Baba ai ya isa ɗin! Wallahi ta hita, ba abin da yar rage. Ruwan ɗai na ban zuba ba."

"Wa yac ce ta hita?"

"Ni."

"Ke." Ya juya carbin a hannunsa. "Ni ban ganin saƙon ga. Da kic ce auduga fara ta, ban gani ba, na yarda. Dut hukuncin da nig gina, bisa maganarki nig gina shi. Idonki shi na idona. Yanzu da wane ido za ni dubawa?"

Na rantse. Na yi kuka, ni da 'ya'yan mutane ke tsoro a aji. Na ce a kira Inna ta duba, a kira Malam Ishaq, a kira duk wanda ya so. Ya ce Inna ba ta san inda ake dubawa ba, Ishaq kuma ba zai iya cewa malaminsa da saura ba ko da ya gani, kuma in ya ce babu, mutane za su ce kunya ce, in ya ce akwai, su ce kujera yake so. Ba zai ɗora masa wannan ba. Ya ce zuciyarsa ba ta natsu ba, kuma ba zai zauna gaban jama'a ya buɗe maganar Allah da zuciyar da ba ta natsu ba.

Aka kira la'asar. Malam Ishaq ya dawo ya durƙusa a inda ya durƙusa ɗazu.

"Isiyaku, kai za ka buɗewa bana."

"Allah shi gahwarta Malam, ni? A jinkirta zuwa gobe mana."

"Ba a jinkirta ma mutane karatu don tsoho guda. Tashi ka tahi. Ka riƙa sassautawa, kana da sauri."

Malam Ishaq ya kalle ni, na kauda kai. Ya tashi ya fita yana share ido da hannun riga.

Baba ya yi sallarsa a zaure, ya ce ƙafarsa ba ta kai shi masallaci yau. Ni kuma na zauna na mayar da madannan, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Sun bushe ƙarau. Kowanne na daidaita shi a kan ƙafafunsa na danna har ya ce ƙas. Na yanko sabuwar filasta na liƙa a na gaba da na baya. Na danna makunni. Ta kawo haske nan take, duk madannan suna aiki, gilashin yana sheƙi yadda bai taɓa yi ba tun da na saye ta. Shafin farko ya fito, da rubutun Baba a gefe, manya-manya. Ko ɗigo bai shige ta ba. Aiki ya yi kyau, Nazir da ya gani da ya yaba.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka gyara murya. Malam Ishaq ya fara. Baba ya juya kunnensa wajen katanga. Can sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana cike wa Ishaq abin da ya tsallake, yana cewa a nan malaminsa na Damaga ya kan tsaya ya kawo kaza, a nan akwai ƙauli na biyu. Babu mai jinsa sai ni.

Na matsa da kwamfutar kusa da shi, a buɗe. Hasken ya faɗa a gefen fuskarsa. Na san ya gan shi, don haske yana gani.

"Ruhe ta, ɗiyata, kak batir shi ƙare a banza," ya ce. "Je ki taya innarki aikin buɗa-baki."

Na rufe ta na sa a jaka, na kwashe kwanonin na shiga ciki.